Yadda ake bambance kwaɗon tudu da kwaɗon ruwa a hoto

A Hausa kalma ɗaya ce ta haɗa su. Wanda ke tsugune a gindin randa kwaɗo ne, wanda ke tsalle ya faɗa kududdufi idan ya ji motsin ƙafa shi ma kwaɗo ne. Burduddugi kuwa ya samu sunansa na daban, saboda girmansa da kuma cinsa da wasu ke yi. Su kuwa masana dabbobi, daga cikin nau'o'in kwaɗi fiye da 7,000 da aka sani a duniya, sun ware dangi guda da suka sa wa suna Bufonidae, mai nau'i sama da 600. Wannan dangin shi za mu riƙa kira kwaɗon tudu a nan. Duk sauran kuma mu kira su kwaɗon ruwa, ko da yake wasunsu a bisa ciyawa suke kwana, wasu kuma a cikin rairayi. Sunayen na sauƙaƙa magana ne kawai, kada a ɗauka wurin zama ne ke raba su.

Abin da aka saba koyarwa a makaranta shi ne kwaɗon tudu busasshe ne mai ƙuraje, na ruwa kuma mai santsi ne da danshi. Wannan ƙa'ida daga littattafan Turai ta zo, inda kwaɗin da yaro zai ci karo da su a lambu ba su wuce iri biyu ko uku ba. A ƙasar Hausa, daga Zariya har Damagaram, kududdufi ɗaya na damina yana iya tara nau'i goma ko fiye a dare guda, kuma da yawansu sun karya wannan ƙa'ida. Burduddugi kansa bayansa cike yake da gudaji. Saboda haka mai duba hoto yana bukatar wata hanyar.

Hanyar ita ce a san cewa alamun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai alama guda da ke tabbatar da kwaɗon tudu. Akwai wasu biyar ko shida da idan an ga ɗaya daga cikinsu sun kore shi, amma rashin ganinsu bai tabbatar da komai ba. Sauran kuwa, irin su launi da sheƙin fata da wurin da aka ɗauki hoton, taimako ne kawai, ba a yanke hukunci da su. Yawancin kuskure daga nan yake fitowa, mutum ya ɗauki alamar da ke aiki ta gefe ɗaya ya yi amfani da ita ta gefe biyu.

Mataki na farko: a fara duba hoton kansa

Kafin ka ce komai game da dabbar, ka tambayi kanka me hoton ya nuna, me kuma ya ɓoye. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda aka ɗauka daga gefe, an ɗan ɗaga wayar sama, yadda ido da kafaɗa da ƙafar baya ɗaya suka fito tare. Wanda aka ɗauka daga sama tsaye yana biye masa, don yana nuna kafaɗu biyu da tsawon ƙafa, sai dai ba ya nuna ido da kyau. Wanda aka ɗauka gaba da gaba, fuska kawai, shi ne mafi kyawun gani kuma mafi ƙarancin amfani, domin kai ya tare duk abin da ake nema.

Ka zuƙo hoton da yatsu biyu har kan dabbar ya cika fuskar waya. Idan gefen ido ya fito tsaf, ci gaba. Idan ya watse ya zama dishi-dishi, to hoton an matse shi wajen turawa. WhatsApp yana rage nauyin hoto, kuma ƙananan gudajin fata su ne ke fara ɓacewa. Ka nemi mai hoton ya sake turo shi a matsayin Document, zai iso yadda aka ɗauke shi. Wata matsalar kuma daga wayar take: da dare, wayoyi da yawa suna goge hoto da kansu don rage hatsi-hatsin duhu, sai fata mai kaushi ta fito sumul kamar an shafa mata mai. Idan ka ga ƙasar da ke kewaye da dabbar ita ma ta yi laushi babu tsakuwa ko ɗaya a fili, kada ka yarda da santsin fatar.

Mataki na biyu: bayan ido

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Ka sa idonka a kan idon kwaɗon, sannan ka ja shi a hankali zuwa baya, wajen kafaɗa. Abubuwa biyu za ka iya tararwa, kuma dole ka raba su.

Na farko dodon kunne ne. Yana gefen kai, daf da bayan ido, ɗan ƙasa kaɗan. Da'ira ce shafaffiya kamar fatar kalangu, ba ta tasowa sama da fatar jiki, wani lokaci ma ta ɗan lotsa. Kwaɗon tudu yana da shi, burduddugi yana da shi, yawancin kwaɗi suna da shi. Ganinsa bai raba komai ba.

Na biyu shi ne abin nema: jakar dafi. Tana sama da dodon kunne, ta fara daga bayan ido ta miƙe bisa kafaɗa zuwa baya. Kumburi ne dogo, mai siffar ƙwayar wake ko ƙwallon dabino, ɗaya a dama ɗaya a hagu, girmansu ɗaya kuma a wuri ɗaya. A babban kwaɗo tsawonta ya kan ninka faɗin ido sau biyu ko fiye. Idan hoton ya fito sosai za ka ga ƙananan huji a samanta kamar an tsattsaga da allura. Ta nan farin dafi mai kauri yake fitowa idan kare ko maciji ya matse dabbar. Idan ka ga wannan kumburi biyu a kafaɗun kwaɗon da aka ɗauka a yankinmu, magana ta ƙare, kwaɗon tudu ne.

Hanya mai sauƙi ta tabbatar da cewa kumburi ne ba zanen launi ba ita ce inuwa. Abin da ya taso yana da gefe mai haske da gefe mai duhu, gwargwadon inda fitila ta fito. Dodon kunne launinsa ɗaya daga gefe zuwa gefe. Shi ya sa hoton da aka haska tocila daga gefe ya fi wanda aka harba filashar waya kai tsaye, don filasha tana kashe inuwa, ta mayar da tudu da kwari abu ɗaya.

Sai dai jakar ba ta fitowa iri ɗaya a kowane nau'i. Kwaɗon gida da aka fi sani, wanda ke taruwa ƙarƙashin fitila yana cin ƙwari, shi ne Sclerophrys regularis. Tsofaffin littattafai suna kiransa Bufo regularis, an sauya masa suna zuwa Amietophrynus a 2006, sannan zuwa na yanzu a 2016, don haka duk ukun dabba ɗaya ce. Jakarsa doguwa ce, a fili, samanta ya fi sauran baya santsi, ko a hoto mara kyau ana ganinta. Ɗan'uwansa Sclerophrys maculata ya fi shi ƙanƙanta, kuma tasa jakar a baje take, ƙuraje sun hau kanta har iyakarta ta ɓace. A kansa ne masu koyo suka fi faɗuwa. Dabarar ita ce ka rage zuƙowa, ka kalli kafaɗun daga ɗan nesa: za ka ga wuri mai faɗi a kowane gefe da ya ɗan fi sauran baya tudu, ko launinsa ya ɗan sha bamban.

Akwai kuma abin da ke kama da jakar amma ba ita ba ce. Burduddugi da wasu kwaɗin ruwa suna da wata tattarar fata da ta taso daga bayan ido, ta bi saman dodon kunne, ta lanƙwasa ƙasa zuwa hannu. Siririya ce kamar igiya, kuma ƙasa take nufa. Jakar dafi mai faɗi ce, kuma baya take nufa, ta tsaya a kafaɗa. Wani nau'in, Amnirana galamensis, yana da layi mai ɗan faɗi da ya taso daga ido ya bi gefen baya har kusa da ƙugu, ɗaya kowane gefe. Tsawonsa ne ke tona shi, jakar dafi ba ta kaiwa ko rabin baya.

Mataki na uku: alamun da ke kore kwaɗon tudu

Idan kafaɗa ba ta fito a hoton ba, ko ka duba kana shakka, sai ka koma neman abin da kwaɗon tudu ba ya da shi. Ɗaya ya isa.

Fara da baƙin tsakiyar ido. Na kwaɗon tudu a kwance yake, kamar na akuya. Idan ka ga a tsaye yake kamar na kyanwa da rana, ba kwaɗon tudu ba ne. Masu irin wannan ido a wurinmu sun haɗa da kwaɗin bishiya na dangin Leptopelis, da Kassina senegalensis mai baƙaƙen ratsi a baya. Amma a kiyaye, ido a kwance bai ce kwaɗon tudu ne ba, don burduddugi da kwaɗin ciyawa na dangin Ptychadena da kwaɗin rairayi na dangin Tomopterna duk a kwance nasu yake. Da dare kuma baƙin idon yana buɗewa ya zama kusan da'ira, ba a iya karanta shi, sai idan an ɗan jima ana haska dabbar kafin a ɗauka.

Sai yatsu. Kan yatsun kwaɗon tudu a dakushe yake, babu wani faɗi. Idan kowane yatsa ya ƙare da ɗan faifai zagayayye, dabbar mai hawa ce, tana manne wa ganye ko bango ko gilashin taga, kuma ba ta cikin dangin tudu a yankin ciyawa. Wurin da aka ɗauki hoton ma yana taimakawa a nan: abin da ke manne a jikin karan dawa ko a bangon banɗaki sama da ƙasa ba kwaɗon gida ba ne, shi ba ya iya wannan. Idan kuwa ka ga baƙaƙen farata a yatsu uku na ciki na ƙafar baya, jikin a baje kamar an take shi, idanu ƙanana suna kallon sama, to Xenopus ne, mazaunin ruwa da ake yawan fitarwa daga rijiya ko a tarar a cikin kamun kifi.

Fatar tsakanin yatsun ƙafar baya tana da amfani, amma da sharaɗi. Ta burduddugi ta cika har kan yatsu kamar ta agwagwa. Ta kwaɗon tudu gajeriya ce mai kauri, ta tsaya wajen gindin yatsu, dogon yatsa na huɗu ya fito waje sosai. Cikakkiyar fata ta kore kwaɗon tudu. Gajeriyar fata ba ta tabbatar da shi ba, domin kwaɗin da ke tona ƙasa su ma tasu kaɗan ce. Ga shi kuma idan dabba tana zaune yatsun a haɗe suke, fatar a naɗe, ba a ganinta sai a hoton da aka ɗauka a cikin ruwa ko a hannu.

Idan an yi sa'a hoton ya kama namiji yana kuka, duba jakar iskar da ya hura. Kwaɗon tudu guda ɗaya yake hurawa, a ƙarƙashin haɓa. Burduddugi da kwaɗin ciyawa biyu suke fitarwa, ɗaya a kowane gefen maƙogwaro. Biyu sun kore tudu. Ɗaya kuwa ba ta ce komai ba, kwaɗin ruwa da dama ɗaya suke da ita.

Mataki na huɗu: awon ƙwauri

Kowa ya san ana cewa kwaɗon ruwa dogayen ƙafafu gare shi, amma a hoto ido yana ruɗuwa, don ƙafar a naɗe take gida uku. Gara a auna. Ba a bukatar sanin girman dabbar na gaskiya, kwatance ake yi tsakanin gaɓa biyu a hoto guda.

Ka ɗora rula ko tsinken tsintsiya a fuskar waya. Auna daga kan hanci zuwa ƙarshen jiki ta baya, ban da ƙafafu. Sannan auna ƙwauri, wato daga gwiwa zuwa diddige. Gwiwa ita ce kusurwar da ke kallon gaba, kusa da haƙarƙari, diddige kuma kusurwar da ke kallon baya, kusa da gindi. Sai ka raba tsawon ƙwauri da tsawon jiki. A kwaɗon tudu ƙwauri bai kai rabin jiki ba, yawanci wajen kashi huɗu cikin goma ne ko ƙasa da haka. A kwaɗin ciyawa na dangin Ptychadena ya wuce rabi, sau da yawa ya kai kashi shida cikin goma, har gwiwarsu ta kan kusa taɓa gwiwar hannu idan suna zaune. Su ne kuma masu tsinin baki da siraran layuka da suka taso a baya, a jere daga kai zuwa ƙugu kamar kunyoyin gona. Duk wanda ƙwaurinsa ya wuce rabin jiki, cire shi daga dangin tudu.

Awon yana lalacewa ta hanya biyu. Idan dabbar tana fuskantar kyamara ko ta juya mata baya, jikin zai gajarce a hoto fiye da ƙwauri, lissafin ya haura banza. Sai a hoton sama ko na gefe sosai ake yinsa. Na biyu, wasu suna haɗa ƙwauri da tafin ƙafa su auna tare, alhali tafin kwaɗo dogo ne, shi kaɗai ya kan kai ƙwauri. Kuma gajeren ƙwauri, kamar gajeriyar fatar yatsu, bai tabbatar da komai ba.

Mataki na biyar: fata, a ƙarshe

An bar fata a baya da gangan. Ba danshi ake dubawa ba, siffar gudajin ake dubawa. Na kwaɗon tudu zagayayyu ne, manya da ƙanana a cakuɗe, sun rufe baya da gefe da saman ƙafafu, wasu da ɗan baƙin tsini a kai. Na burduddugi yawancinsu dogaye-dogaye ne, gajerun layuka da ke bin tsawon jiki, fatar da ke tsakaninsu kuma tana da yauƙi.

Sheƙi ba shaida ba ne. Kwaɗon tudun da ya fito daga kwata, ko wanda ke cikin kududdufi lokacin haihuwa, yana ƙyalli kamar kowane. Ƙananan kwaɗin kara na dangin Hyperolius kuma da rani sukan zauna a rana bisa ciyawa, jikinsu ya yi fari fat, ya bushe kamar alli, amma yatsunsu masu faifai suna nan. Launi ma haka. Siririn farin layi a tsakiyar baya yana fitowa a wasu kwaɗin tudu, yana fitowa a wasu na ruwa. Abin da launi ke iya yi shi ne ƙara nauyi: kwaɗin tudunmu launin ƙasa ne ko toka, da duhun tabo bibbiyu da ke fuskantar juna a dama da hagu na baya. Kore shar, ko jan baya da baƙin gefe mai santsi kamar roba, ba nasu ba ne. Wannan na ƙarshen Phrynomantis microps ne, yana tafiya a hankali ba ya tsalle, kuma fatarsa tana da dafi mai zafi ko da yake ba shi da jakar kafaɗa. Wato rashin jaka bai sa a kama dabba da hannu mai rauni ba.

Hotuna uku na dare ɗaya

A ɗauka an turo maka hotuna uku da aka ɗauka bayan ruwan sama na watan Yuli, a bayan gari, kusa da ramin da ake haƙar ƙasar gini.

Na farko an ɗauke shi daga sama, dabbar tana kan siminti kusa da famfo, jikinta yana ƙyalli. Mai hoton ya ce na ruwa ne tunda a jiƙe yake. Ka zuƙo kai. Bayan kowane ido akwai dogon kumburi, gefensa na hagu da haske na dama da inuwa, alamar tocila daga hagu take. Ƙasa da shi, a gefen kai, ana hango gefen dodon kunne, wato abubuwa biyu ne daban, ba ka rikita su ba. Ka auna don ƙarin tabbaci: jiki santimita 9 a fuskar waya, ƙwauri 3.5, wato kashi 39 cikin ɗari. Kwaɗon tudu ne, ƙyallin kuma ruwan famfo ne. Akwai marfin kwalbar lemo a gefen hoton, wanda faɗinsa wajen santimita 3 ne, jikin dabbar kuma ya ninka shi sau uku. Wannan girma da jaka mai santsi a fili sun dace da Sclerophrys regularis, wanda manyansa ke kamawa daga wajen santimita 6 zuwa 13, mata sun fi maza girma. Da a ce bayan cinya ya fito aka ga jajayen zane a wurin, da sai a karkata ga Sclerophrys xeros, na busassun wuraren Sahel.

Na biyu babba ne, rabin jikinsa a cikin ruwa, bayansa duk gudaji, launin toka mai ɗan kore. An ce wannan kam na tudu ne, dubi ƙurajensa. Ka duba bayan ido: dodon kunne babba a fili, samansa siririyar tattara da ta gangara zuwa hannu, kafaɗa kuma wayam. Idanun sun hau saman kai sosai, kuma akwai wani layi mai haske da ya gitta kai daga bayan ido ɗaya zuwa ɗayan. Awon ƙwauri ya ba da kusan rabi, bai raba gardama ba. Amma ƙafa ɗaya a miƙe take a cikin ruwa, fatar yatsu ta cika har ƙarshe. Burduddugi ne, Hoplobatrachus occipitalis, wanda ake kamawa a fadamu a busar a kai kasuwa. Wannan ruɗanin ne ya fi kowanne haɗari ga masu ci, idan aka juya shi aka ɗauki kwaɗon tudu a matsayin burduddugi, domin dafin kwaɗon tudu yana taɓa bugun zuciya, kuma ba a jakar kaɗai yake ba, yana cikin fata da ƙwai.

Na uku shi ne mai wuya. Ƙarami ne, bai fi tsawon kwalin ashana ba, gajere, kakkaura, baki a dakushe, baya da ƙuraje, launin rairayi, ido a kwance, ƙafa gajeriya. Komai nasa na kwaɗon tudu ne, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Kafaɗa babu jaka, ko daga nesa aka kalla. Ɗan tudun da ke akwai yana ƙasa da dodon kunne ne, daga kusurwar baki zuwa hannu, ba sama ba. Idanun sun yi wa kan girma. A gefen tafin ƙafar baya na ciki kuma akwai wani abu mai faɗi da kaifi kamar bakin fartanya, da shi yake tona rairayi da baya-baya ya nutse. Kwaɗon rairayi ne na dangin Tomopterna. Kwaɗon tudu ma yana da ƴan gudaji biyu a tafinsa, sai dai a yawancin nau'o'in dunƙulallu ne, ba su da wannan kaifin. Da tafin bai fito ba, kafaɗar kuma tana cikin inuwa, abin da ya dace a ce shi ne hoton bai isa ba, a nemi wani daga gefe.

Inda hanyar ta tsaya

Ƴaƴan kwaɗon tudu da suka bar ruwa kwanan nan tsawonsu wajen santimita ɗaya ne, baƙaƙe-baƙaƙe, jakar dafinsu ba ta taso ba tukuna. A hoto ba a raba su da ƙananan kwaɗin kududdufi ta kafaɗa. Abin da ke ɗan nuni shi ne yawansu, sukan fito ɗaruruwa a bakin ruwa lokaci guda.

Idan ƙwai ne a hoton, aikin ya fi sauƙi. Kwaɗon tudu yana zuba nasa a cikin dogayen igiyoyi masu yauƙi, baƙaƙen ƙwai a jere kamar carbi, a nannaɗe jikin ciyawar ruwa. Na kwaɗin ruwa dunƙule suke, ko a warwatse ɗai-ɗai, ko suna yawo a saman ruwa a shimfiɗe.

Wannan tsari an gina shi ne a kan kwaɗin ƙasar ciyawa da Sahel na Afirka ta Yamma. Hoton da ya fito daga dazuzzukan kudancin Kamaru ko kudancin Najeriya yana iya ɗauke da ƴan ƙananan Nectophryne, waɗanda ƴan dangin Bufonidae ne amma suna hawa ganye, yatsunsu da faɗi, kafaɗarsu babu jaka. A Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ma akwai Atelopus, masu siririn jiki da launi mai haske, su ma dangin tudu ne marasa jaka. Don haka kafin ka amsa, tambayi garin da aka ɗauki hoton da watan da aka ɗauke shi.

Idan kai ne za ka ɗauka, guda uku sun wadatar: ɗaya daga gefe daidai tsayin dabbar, ɗaya daga sama tsaye, ɗaya na ƙafar baya kusa-kusa. Ajiye kwalin ashana ko marfin kwalba a gefenta don awo. Kashe filasha, ka ba wani tocila ya riƙe ta daga gefe, nesa da dabbar kamar kamu ɗaya, sannan ka taɓa wurin idon a fuskar waya don kyamara ta daidaita a kansa. Ba sai an kama ta ba. Idan ta kama dole a ɗaga ta don ganin tafin ƙafa, a sa leda mai tsabta da aka jiƙa a hannu, a riƙe ta ta ƙugu ba ta kafaɗa ba don kada a matse jakar, a mayar da ita inda aka same ta, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko abinci.